Bakin 'Yan Kasuwa a Zaman Burtali

Ban cika kwana arba'in da binne mahaifina ba aka ce in gaji tabarmarsa a zaman sulhu kan makiyayar da ke kudu da Touboro. Na ce to. A lokacin komai aka ce mini "to" nake cewa, ko abinci ban san ɗanɗanonsa ba.

Ɓangare huɗu ne a kan fili ɗaya: manoman auduga, Fulanin da suka zauna, masu zuwa cin rani, sai mu Hausawa masu fataucin shanu zuwa Garuwa. Rigimar a kan burtali ce, hanyar da shanu ke bi zuwa rafi, wadda gonaki suka cinye har shanu biyu ba sa jerawa. Sufurefe, jami'in gwamnati mai kula da gundumar, shi ne shugaban zaman, wakilin lamiɗo na gefensa. Sufurefen ba ya son yanke hukunci sai ya ga inda rinjaye yake.

Arɗon Fulanin da suka zauna shi ke kiwon shanun mahaifina tun ban yi wayo ba. Ya sha wuya kafin ya shawo kan masu cin rani su yi magana da baki ɗaya da shi. Saura mu.

"Ɗana, babanka ya ce kuna tare da mu," in ji shi.

"Haka ne, Baffa."

Da safen ranar zaman, sarkin fawa ya ja ni gefe. Ashe manyanmu sun gama magana da manoma: za a bar mana harawa da karan dawa bayan girbi, mu kuma mu bar burtali yadda yake. Shanunmu na turke ne galibi, rafin bai dame mu ba.

"Kai baki ne, yaro, ba kai ba ne," ya ce.

Da aka zo kaina na faɗi abin da aka ba ni, da Fulatanci, tafinta ya mayar wa sufurefe da Faransanci. Na ji muryata kamar ta mai sanarwa a rediyo. Biyu da biyu ke nan, sai aka ɗage magana zuwa bayan damina, wato bayan an sake shuka. Masu cin rani suka kaɗe rigunansu suka tafi. Arɗo bai dube ni ba, bai kuma yi musu ba. Bafulatani irinsa ba ya jayayya da ɗan amininsa a gaban jama'a, sarkin fawa kuwa ya san haka sarai. Shi ya sa aka zaɓe ni.

Bayan mako guda Arɗo ya koro shanun mahaifina har ƙofar gida, da maruƙansu. Zai ƙetara iyaka da nasa.

Na jira in ji kunya ko baƙin ciki. Ban ji komai ba. Ya nuna wata jar saniya da sandarsa.

"Waccan ba ta shan ruwan rijiya, sai na rafi. Ka san yadda za ka yi da ita."