Shekarar da Aka Cire Takin Marayu

A taron shekara na ƙungiyarmu ta manoma a Toranke, ma'aji ya miƙe ya gabatar da kasafin baɗi. Al'adarmu ce in ɗan ƙungiya ya rasu, mu sayi taki mu kai wa marayunsa. Yayana ya rasu da kakar nan.

Ma'aji ya ce, "Jama'a, kuɗin da za mu tara ba zai isa ba. Taki ya yi tsada, marayu sun ƙaru. Na cire nasu."

Bai yarda mun haɗa ido ba. Raina ya ɓaci, amma gaskiya ya faɗa. Shugaba ya nemi amincewa, hannuwa suka tashi.

Da na koma gida, na tarar matar yayana har ta share inda za a jibge buhunan.