Kayan Dubiya a Gidan Rasuwa

Wani mutum na tsaye a shagon hatsi a Mabera. Ban san shi ba. Siminti ya cinye masa tafin hannu, wataƙila a Kalambaina yake aiki. Yana riƙe da ledar lemu da gwangwanin madara, irin kayan da ake kai wa mara lafiya.

"Alhaji, asibiti ni tai dubin abokina, aka ce ya cika," yake faɗa wa mai shagon, muryarsa ba hawa ba sauka. "In kai musu wanga?"

"Allah shi jiƙan shi. A'a, Malam. Gidan cike ya ke da masu gaisuwa, kuma iyalinai ba su iya girki yanzu. Kai shinkafa, maƙwabta su dafa musu. Ƙara da hatsin gumbar sadaka. Ka miƙa ma babban gidan a ɓoye."

Mutumin yana kallon awon, ko ƙiftawa ba ya yi. Ya saɓa buhun a kafaɗa ya juya.

"Malam, ka mance madararka!"

"Bar ta nan, Alhaji," ya ce bai waiwayo ba. "Shi ya ce in sawo mishi."