Ranar da Aka Jira Sabri

Sabri Ghanim ya yi furfura yana kai shayi a gidan shayin Ma'allim Abduh da ke bayan tashar motar garin Damanhur, kuma har yau maigidan bai gane kansa ba.

Da in'ina ya tashi. A makaranta, in karatu ya zo kansa malami ya tsallake shi, wai tausayi. Da ya gaji da zama kamar kujera, ya bar ajin ya ɗauki faranti.

Abin da ke ɗaure wa Ma'allim kai shi ne kiran. A sana'ar, mai kai shayi rera abin da aka nema yake yi don mai murhu ya ji. In Sabri ya ja murya, "Shayi biyuuu, gahawa ba sukariii!" ko gargada babu. Amma in ya tsaya gaban tebur, sai kalma ta maƙale, leɓe na rawa.

"Kai Sabri, yi numfashi! A hankali!" Kullum haka Ma'allim ke cewa, kullum abin ƙaruwa yake. Wani lokaci ya ƙarasa masa maganar, wani lokaci ya kau da kai don kunya.

Direbobin tasha kuwa ba sa raga masa. "Baba Sabri, kafin ka gama sallama mun kai Iskandariyya!"

Sai Ma'allim ya ga gara ya rufa masa asiri, ya mayar da shi wankin kofuna a ciki. Sabri ya ce, "N-n-ni..."

"Ba sai ka gode ba," in ji Ma'allim.

Washegari Sabri bai zo ba. Mako ya wuce. Ma'allim ya rasa laifin da ya yi masa. Bai rage masa albashi ba, aikin ma ya fi sauƙi. To me kuma?

Ranar da Sabri ya dawo kwasar kayansa, an cire wa Ma'allim haƙori, bakinsa cike da auduga. Sabri ya fara magana, ya maƙale. Ma'allim ya so ya taya shi, ba hali. Dole ya zauna yana kallonsa. Shirun ya yi tsawo, sannan kalmar ta fito da kanta, wata ta biyo.

"Ni b-ban ce ka ɓoye ni ba, Ma'allim. Na san abin da zan faɗa. K-ku ne ba ku jira."

Ma'allim ya tuna baya. Ashe duk shekarun nan bai taɓa jin ƙarshen maganar mutumin nan daga bakinsa ba?

Ya tashi ya ɗauko farantin ya miƙa masa.

In'inar ba ta tafi ba. Ma'allim bai gane dalilin da rerawa ke wucewa magana ta tsaya ba, ya ma daina tambaya. Amma yanzu da Sabri ya buɗe baki, sai Ma'allim ya sa bakin shisha a nasa bakin don kada ya katse shi. Direban da ya yi gaggawa kuma, ya nuna masa tasha da haɓa.