Baba Mode da Kofin Sukari

Shekara ashirin da shida Baba Mode ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwajin kimiyya na wata sakandare a Arkilla. Daga Unguwar Rogo yake takowa kullum. Aji huɗu ya yi a firamare, amma gwajin fitila a hannunsa yake: batir, waya, ɗan ƙaramin ƙwai irin na tocilan zamani, da sandunan gawayi biyu da ya zaro daga tsohon batir.

Kofi uku yake jerawa. A ruwan gishiri ƙwan ya haska sosai. A ruwan kal, mai tsamin nan, sai ya yi ɗan ja-ja. A ruwan sukari shiru. Tun a bakin malaman farko ya riƙe dalilin: gishiri in ya narke, duka yake rabewa ƙwayoyi masu caji, su ke ɗaukar wutar. Kal kaɗan ne nasa ke rabewa. Sukari kuwa yana narkewa, amma ba ya rabewa.

Abu guda yake jira, a tabbatar da shi mataimakin ɗakin gwaji kafin ya yi ritaya. Shugabar makaranta, Hajiya Balkisu, ta ce sai masu duba makarantu sun zo sun ga aikinsa.

Ranar da za su zo, tataccen ruwan da ake yin gwajin da shi ya ƙare. Malam Gazali, sabon malamin kimiyya, ya ɗebo na rijiyar burtsatse ya jiƙa sukari.

"Malam, ruwan ga na da gishirin ƙasa," in ji Mode. "Bari in sawo tatacce wurin masu cajin batir."

"Baba Furofesa, ruwa ai ruwa ne. Jera muna kofuna."

Ya jera. Gaban baƙi aka tsoma gawayi a kofin sukari, ƙwan ya yi ɗan ja, kamar na kal. Wata ɗaliba ta ce ashe sukari ma yana ɗaukar wuta. Babban baƙon ya dubi Gazali.

"Tsohon ne bai ɗauraye gawayin ba bayan gishiri," in ji Gazali, idonsa a ƙasa.

Sau uku Mode ya ɗauraye su, ya goge. Amma bai saba ƙaryata malami gaban ɗalibansa ba. Ya ce, "Allah shi ba da haƙuri." Baƙon ya yi rubutu a takardarsa.

Da sati ya zagayo aka mayar da shi gadin ƙofa, maganar tabbatarwa ta mutu.

A can yake har yau, kan benci. Farkon kowane zango Malam Gazali kan shigo da jarkar tataccen ruwa ɗaure a bayan babur. Mode ya tashi ya buɗe masa ƙofa.

"Malam, an samo na kirkin?"

Gazali ya ƙara wa babur wuta ya wuce.