Mai Katifa da Alat ɗin Yaya

A layin masu kayan ɗaki kowa ya san Mai Katifa, kuma da yawa ba don daɗin hulɗa suka san ta ba. Gajeriya ce, tana da murya kamar ta mai kiran yara daga nesa, ga tabarau da ta ɗaure hannunsa ɗaya da zare. 'Yan layi sun sa mata suna Tsaya Tukuna, domin ita ce maganar da take yi wa duk wanda ya ce ya tura kuɗi yana neman ɗaukar kaya. Sunan bai taɓa damunta ba. Idan an kira ta da shi amsawa take yi, har ta tambayi lafiyar gida.

Ba da katifa ta fara ba. Ɗinkin zanen gado take yi a cikin gida, lokacin da mijinta mai walda yake da ƙarfinsa. Da ciwon baya ya kwantar da shi, sai ta sayar da keken ɗinkin da 'yan kunnenta, ta saro katifu kaɗan. Yayan mijin, wanda kowa ke kira Yaya, ya ba ta shago ɗaya a gininsa ba haya. Alheri ne babba, ita ma ta sani, kuma Yaya ba ya barin kowa ya manta.

A shekararta ta farko aka ƙona ta. Wani saurayi mai fara'a ya zaɓi katifa biyu, ya danna waya, tata ta yi ƙara, ta ga adadin kuɗin ya yi daidai, har ta taya shi ɗaurawa a kan mota. Washegari ta je cire kuɗi aka ce babu. Ta yi kuka a hanya, kuka na baƙin ciki da jin kunya. Amma ba gida ta wuce ba, cikin bankin ta koma ta zauna a gaban wata ma'aikaciya ta ce ba za ta tashi ba sai an nuna mata inda aka bi da ita.

Matar ta jera mata saƙon gaske da na bogi. Na gaske da sunan banki yake zuwa, na saurayin kuwa daga lambar waya ya fito, irin ta kowa. Na gaske yana faɗin kuɗi shiga suka yi ko fita, da adadinsu, da lambar asusu wadda aka ɓoye wani ɓangarenta, da rana da lokaci, da bayanin wanda ya turo, sannan a ƙasa ragowar abin da ke cikin asusun.

"Ƙasan nan za ki riƙa dubawa," in ji matar. "Lambar asusunki kowa na iya karantawa a bangon shago. Sunan banki ma akwai masu iya kwaikwayonsa. Amma ɓarawo bai san abin da ke cikin asusunki ba. Kuma ko saƙon ya yi kyau, ki shiga asusun da kanki ki gani."

Tun daga ranar Mai Katifa take karanta alat, wato saƙon banki, daga ƙasa zuwa sama. Ta riƙe balans ɗinta a ka kamar sunayen 'ya'yanta. Hoton rasit a wayar mai saye ko kallo bai ishe ta ba. Ta rasa masu ciniki saboda wannan hali, masu zuciya a kusa da masu ganin sun fi ƙarfin a sa su jira. Shagon dai ya ci gaba da cika, har katifu suka kai silin.

Wata rana da hantsi Yaya ya shigo da babbar riga da ƙamshin turare, murna fal fuskarsa. Ya ce ya samo mata cinikin da ba ta taɓa yin irinsa ba. Wani ɗan kwangila da suka san juna ta waya yana gyara ɗakunan kwanan ɗalibai, yana son katifa arba'in, kusan duk abin da ke shagon ke nan. Motar ɗaukar kaya ma tana waje da direbanta.

"Kun taɓa haɗuwa da shi, Yaya?"

"Mutumin kirki ne, kullum sai ya kira ya gaishe ni. Ke dai buɗe sito."

Ana cikin haka wayarta ta yi ƙara. Ta gyara tabarau. Sunan bankinta ne a sama, saƙon ma a ƙarƙashin tsofaffin saƙonnin bankin ya faɗo. Wutsiyar lambar asusu tata ce, kuɗin sun cika cif. Daɗi ya kama ta, ita ma mutum ce, har ta hango kanta tana kai maigida babban asibiti. Sannan idonta ya sauka ƙasa. Da safen nan wata mata ta sayi filo, ta ga balans ɗinta. Idan aka ɗora kuɗin katifa arba'in a kan wancan, ba abin da ke rubuce a nan zai bayar ba. Ko kusa.

"Tsaya tukuna," ta ce wa direban, wanda har ya kama gefen katifa.

Ta danna lambar duba kuɗi ta bankinta. Asusun na nan yadda mai filo ta bar shi. Ta buɗe manhajar bankin, ta duba jerin abin da ya shiga. Filo ne na ƙarshe.

"Yaya, kuɗin nan ba su shigo ba."

"Ba ga saƙo nan a hannunki ba? Matsalar sabis ce, anjima za su faɗo."

"Da sabis ne, saƙon ne zai makara, kuɗin su riga shi. Banki ba ya cewa sun shigo sai sun shigo. Kuma sabis ba ya canza min balans. Wanda ya rubuta wannan bai san abin da nake da shi ba, ƙirƙira ya yi."

Maƙwabta sun fara leƙowa, mai labule da mai fenti da duk wanda ba shi da aikin yi. Abin da ya ɓata lamarin ke nan. Yaya mutum ne da zai iya yafe a ci masa kuɗi, amma ba zai yafe a ƙaryata shi a gaban jama'a ba. Ya kira ɗan kwangilar, ya buɗe muryar wayar kowa na ji. Murya mai sanyi ta fito, tana mamakin yadda za a wulaƙanta dattijo irin Yaya, tana cewa idan ba a son cinikin a mayar masa da kuɗinsa yanzu ya je wani wurin.

"Ka ji ko?" in ji Mai Katifa. "In mayar masa da abin da bai turo ba."

"Ni na tsaya masa," Yaya ya ce. "Maganata ba ta isa ba ke nan?"

"Maganarka ta isa, Yaya. Tasa ce ba ta isa ba. Ya zo mu je banki tare, idan an ce kuɗin na ciki, ni da kaina zan loda masa, in kuma durƙusa a layin nan in ba ka haƙuri."

"A shagona kike gaya min haka?"

Nan ne ta ji abin ya soke ta. Ta san ranar wannan magana za ta zo, ba ta dai zaci a gaban mai fenti ba. Ta ji tsoro sosai, domin ba ta da wani wurin da za ta kai kayanta, ga maigida a kwance, ga kuɗin makaranta. Amma ta ɗauko kujerarta ta ajiye a bakin ƙofar sito, ta zauna, ta ɗora jaka a cinya.

"Shagonka ne, Yaya. Katifun nawa ne."

"To, ƙarshen wata ki ba ni makullina."

"Allah ya kai mu."

Direban ya ce bari ya gyara fakin. Ya gyara shi har ya ɓace daga layin. Kafin azahar wayar ɗan kwangila ta daina shiga. Daga baya mai labule ya tsegunta mata cewa tun da safe Yaya ya ba direban kuɗin mota daga aljihunsa, wai za a mayar masa haɗe da la'adarsa. Ba ta yi dariya ba, ko da yake ta so.

A gida maigida ya roƙe ta. Daga kan shimfiɗarsa ya ce ta je ta ba Yaya haƙuri, babba ne, kowa ya riga ya san gaskiyarta, me zai ragu a jikinta?

"Haƙurin me zan ba shi? Na hana a kwashe mu?" ta ce. "Zan gaishe shi har ƙasa kamar kullum. Amma ba zan ce na yi kuskure ba, don gobe ma idan ya kawo irin wannan, haka zan yi."

Ta shiga neman wuri. Abin da ƙarfinta ya kai shi ne wani ɗan shago a bayan masu gyaran firji, rabin nata, rufinsa na yoyo ta kusurwa ɗaya. Ta kama. Yaya kuwa ya daina bi ta ƙofar shagon, sai ya zagaya ta baya. Mutanen layi da suka tsaya kallo ranar suka koma yaba mata, har mai fenti ya fara kawo wayarsa ta duba masa. Yabonsu bai rage mata kuɗin haya ba.

Ranar tashi tana tsaye tana nuna wa masu dako yadda za su jera kaya, sai ga Yaya. Ya rame kaɗan. Ta rusuna ta gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. Sai ya ciro wayarsa ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba.

"Wani ɗan haya ya ce ya turo. Duba min."

Ta karanta daga ƙasa, ta tambaye shi abin da ke asusun kafin nan, ta sa ya danna lambar bankinsa da hannunsa, ta kawar da kai lokacin da yake sa lambar sirri.

"Wannan na gaske ne, Yaya. Sun shigo."

Ya karɓi wayar, ya yi gyaran murya. "Ki ce su sauke kayan nan. Magana ce ta fushi, ta wuce."

Tausayinsa ya kama ta, domin ta san abin da faɗin haka ya ci masa. Ta dubi shagon da ta cika da guminta, ga wurin da kujerarta ta ci siminti. Tana son wurin nan, kuma ta san sabon ba zai kawo mata rabin cinikinsa ba.

"Na gode, Yaya, Allah ya saka da alheri. Amma na riga na biya haya a can. A can idan na ce a tsaya, babu mai tuna min shagon wane ne."

Ta zare makullin daga bakin zanenta, ta miƙa masa da hannu biyu. Sannan ta juya ta ce wa masu dako su ɗaure igiyar da kyau, hanyar bayan masu firji akwai ramuka.