Kafinta da barcin Auta

Mijin ƙanwata kafinta ne, kuma Kafinta nake kiransa har yau, don tun ranar da ya fara zuwa gidanmu akwai garin katako a girarsa. Mutum ne da sai ka yi masa magana uku kafin ya mayar maka da ɗaya. Ni kuwa bakina ba ya hutawa, shi ya sa na daɗe ina ganin Autarmu ta auri kututture.

Sai da ta haihu na san wanda ta aura. Aiki aka yi mata aka ciro yarinyar, ta dawo gida a sunkuye, tana dafa bango. Na tattara kayana na tare a falonsu. Kwana uku na farko ba wanda ya runtsa, har na tarar da Auta tana kuka don ta kasa tuna ko ta shayar da jaririyar. Nas ta ce lallai a sama mata barcin awa huɗu ko biyar a jere. Ta faɗi wasu abubuwan ma, amma wannan kaɗai kunnenmu ya riƙe.

Kafinta ya raba daren kamar yadda yake raba katako, da awo. Ƙarfe tara Auta za ta shayar, ta shiga ɗaki, a ja mata ƙofa. Daga nan zuwa biyu nasa ne: jaririya na falo tare da shi, in ta nema ya ɗumama nonon da aka tatsa ya ba ta a ƙaramin kofi. Ƙarfe biyu ya taɓa ƙafata. Ni zan tashi in kai ta wurin uwarta ta sha a kwance, in sa ta gyatsa, in canza mata kunzugu, Auta ta koma barci.

Ya zuba wa ƙofar mai don kada ta yi ƙara, ya liƙa wa ƙafafun kujeru tsumma. Ni da na girme shi ya hana ni sa silifa. Na ce, “Kafinta, numfashi fa, an yarda?” Ya ce, “A hankali dai, Yaya.” Da safe ya tafi shago ido jajir, ya dawo da yanka a yatsa. Auta ta fara cin abinci, ta fara tsokanata. Wallahi alfahari muke yi da kanmu.

Rana ta goma ta ce kanta na sarawa, tana ganin walƙiya a idonta. Fuskarta ta ɗan kumbura. Ni uwar sani, mai ’ya’ya huɗu, na ce rashin barci ne. Na ba ta maganin ciwon kai, na ce yau tun takwas za ta kwanta, kada wanda ya kusanci ƙofar nan.

Ƙarfe biyu na shiga da jaririya. Na same ta rabin jikinta a ƙasa, ta ciji harshe, tana wani irin minshari. A asibiti suka ce jininta ne ya hau, irin hawan da kan biyo bayan haihuwa, ya jawo jijjiga, jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Likita ya tambaya ko ta yi kukan ciwon kai. Na ce eh. Bai ƙara tambayata komai ba. Kwana biyu ta yi ba ta farka ba, ta cika.

Na ɗauka Kafinta zai tsane ni, har na so ya tsane ni, da na ji sauƙi. Bai yi ba. Na zauna a gidan wata biyar, muka ci gaba da rabon dare da madarar gwangwani, sai dai sau da yawa in farka da asuba in ga bai tashe ni ba.

Yarinyar shekararta shida yanzu, bakinta irin nawa, Allah ya ba ubanta haƙuri. Kwanaki na kai masa kujerata da ta karye, ina zaune a shagon yana goge ƙafar kujerar da sanfefa, sai na ji na ce, “Ka yafe mini. Ni na ce rashin barci ne.”

Ya daɗe yana goge wuri ɗaya.

“Yaya, a daren nan, wajen sha ɗaya da rabi na ji motsi a ɗakin, kamar gado ya girgiza. Na je har bakin ƙofa, yarinya na kafaɗata. Sai na ji shiru, na ji minshari. Na duba agogo na ce saura mata awa biyu da rabi, ba zan cinye mata ba.”

Ya hure ƙurar da ke kan katakon.

“Har daɗi na ji,” ya ce. “Na ce yau dai ta samu barci.”