Babban Yatsan Yayana

Yayana ba mai magana ba ne. In ka kira shi a waya, gaisuwa ce kawai: ina gajiya, ina su Inna, to sai an jima. Amma a cikin wasan harbi da muke yi ta waya, inda ake jefa mutane da yawa a tsibiri guda su yi ta fafatawa har a bar ƙungiya ɗaya, bakinsa ba ya rufuwa. Shi ya koya mini wasan tun ina koleji a Gidan Rumji, muna zaune a zaure, yana mangare mini ƙeya in na harbi bango.

Kabu-kabu yake yi a lokacin. Wata ranar kasuwa, a hanyar Gidan Sori, yashi ya kwashe masa moto ya faɗi a kan hannunsa na dama. Ƙashi ya haɗu, amma babban yatsan ya sandare, ba ya lanƙwasuwa. Riƙon moto ya gagara, sai kawunmu ya ɗauke shi tsaron shago a Gazawa. Daga nan ba ni da inda nake samunsa sai cikin wasan. Bayan la'asar, in rezo, wato layin intanet, ya yarda, in ga sunansa ya yi kore in shiga. Muna laɓe bayan wani gidan ƙarya yana ba ni labarin masu saye, da tuwon matar kawu da ba ya ci, da wata yarinya mai sayar da awara da ya ce wai ba ya kallonta. Ni kuma in kai masa ƙarar kowa a gida.

Matsalar, da babban yatsan dama ake saiti da harbi. Wanda dā yake ɗauke da ni a baya, yanzu ni ke jan gawarsa. Yana faɗuwa sai ya yi shiru, kuma shirun nan ne ba na so.

Ni na fara nuna masa dabara. Wasan da kansa ya yarda ka matsar da maɓallan da ke kan gilashi inda kake so, ka ƙara musu girma. Ya kai na harbi can sama inda manuniya za ta kai. Daga baya na sa ya sayo wasu ƴan maƙalai na roba da ake ɗafawa a gefen waya, in ka latsa su taɓa maka gilashin. Ya ɗan farfaɗo. Ba kamar dā ba, amma yana dariya.

A Gazawa ba wanda ke zuba wa wayarsa abu da kansa. Akwai rumfar mai caji, can ake barin waya, a dawo a tarar an cika ta da wuta, an tura waƙoƙi da wa'azi da duk abin da ke yayi. Yayana ya yi masa kukan yatsansa, shi kuma don tausayi ya tura masa wani abu da suke kira makuro. Abin yana haddace taɓin da ka yi a gilashi ne, ya riƙa maimaita maka. Aka shirya masa: taɓi ɗaya, mutumin wasan ya durƙusa, ya saita, ya ja bakin bindiga sama daidai kai, ya yi ta sakin harsashi da saurin da yatsa ba ya yi.

A wasan farko na gane. Mutum uku ya zubar kafin in juyo.

"Yaya, mi ka sa ma wayar nan?"

"Hannu ne ya warke, Auta."

"Ya warke a ina? Jiya ko tsinken ashana ba ka iya ɗauka."

Ya yi dariya ya gaya mini. Na ce ya cire yanzu-yanzu, masu kamfanin wasan rufe shi za su yi. Ya ce, "To malama, mi ya raba shi da robar da kika sa ni saye? Duka taimako ne."

"Robar in ka latsa sau ɗaya, sau ɗaya take harbi. Kai ka ga mutum, kai ka saita, in ka kuskure naka ne. Wannan kuwa kai dai ka taɓa, shi ya yi wasan. Wanda ka kashe ɗin nan mutum ne, wataƙila shi ma a zaure yake da yatsunsa, ya saka kuɗin rezonsa. Da wa ya kara? Da kai?"

"Shi yatsunsa goma ne."

Na dai ce masa masu kamfanin can ba sa ganin hannunsa. Abin da suke gani, taɓi ne ke sauka a wuri ɗaya tak a gilashi, da tazara ɗaya, kullum, alhali yatsan ɗan Adam sai ya ɗan kauce, ya yi jinkiri, ya yi rawa. Ga waɗanda ya kashe suna da wurin kai ƙara. In suka bar masa don yatsansa, gobe duk mai lafiya ya saka ya ce shi ma ciwo gare shi, sai a bar wayoyi su yi ta harbin juna mu koma kallo.

"Ke dai kin cika lakca," ya ce. "Zo ki kwashi kayan gawar nan."

Na je na kwasa. Kwanakin nan da suka biyo baya su ne na fi jin muryarsa a sake tun faɗuwarsa. Yana waƙa, yana tsokanata, har ya yarda cewa mai awarar yana kallonta. Ina masifa yana ce mini sarkin ƴan doka. Ina jin daɗi ina jin tsoro, duka a ciki ɗaya.

Ran nan na shiga bayan la'asar, sunansa bai yi kore ba. Na jira har rana ta yi ja. Sai ga hoton gilashinsa ya turo: an rufe kwant ɗinsa, wato asusunsa na wasan, saboda amfani da abin da ba na wasan ba. Ni na rubuta musu da faransancina na lakol, na yi bayanin moto da yashi da yatsa. Amsa ta zo a taƙaice, sun bincika, hukunci na nan. Ya gwada buɗe sabo, wayar ma kanta sun shaida ta, ta ƙi shiga.

Na ce ya ari ta ɗan kawu, mu fara daga ƙasa, da robar kawai, ko a kashe mu sau ɗari ni ban damu ba. Ya ce, "In koma kina ja na kamar buhu? Bari, Auta. Na girma da wasa ma."

Ya auri mai awarar. A bakin Inna na ji an sa rana, ba a bakinsa ba.

Ban daina wasan ba. Ina da ƙungiya yanzu, wasu ƴan Maradi, sun iya kuma ba sa saka komai. Amma ban goge shi daga cikin abokaina ba. Mutumin wasansa na nan tsaye da koriyar hular da muka ci tare, sunan ya yi toka-toka. Ranar Juma'a nakan kira shi. Ya ce ina gajiya, ina su Inna. In ce lafiya lau. Sai in riƙa jin hayaniyar shagon a bayansa, har wani ya ce a ba shi sukari.